Wake nawa ne a cikin kwalbar? Kundin aikin ƙiyasi

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne in faɗi yawan ƙwayoyin waken da ke cikin wata kwalbar gilashi ba tare da na buɗe ta ba. Ƙanena ne ya zuba waken, ya rufe, ya naɗe murfin da salatif, kuma shi ma bai ƙirga ba. Abin da ke hannuna shi ne ragowar waken da aka ɗiba daga ciki, da wata kwalba irinta sak wadda ba komai a ciki, da rula, da ƙaramin sikeli mai auna giram ɗaya-ɗaya, da kofunan awo uku: mai cin mililita 15, mai cin 60, da mai cin 250.

Dabarar kowa ya san ta. A ɗebi ɗan kofi, a ƙirga abin da ya ɗauko, a gano kofi nawa ne zai cika kwalbar, a ninka. Abin da nake son sani shi ne inda wannan lissafi mai sauƙi yake kaucewa, da kuma nawa yake kaucewa. Don haka zan rubuta kowane ƙiyasi a ranar da na yi shi, kuma ba zan buɗe kwalbar ba sai na tsaya a kan adadi ɗaya.

Yau abu biyu na yi. Na manna siririn salatif a jikin kwalbar daidai inda saman waken ya tsaya, ina duba ta ko'ina domin saman wake ba ya kwanciya sumul, sai na ɗauki tsaka-tsaki tsakanin tudu da kwari. Sannan na kafa dokar ƙirga: ɓari biyu ƙwaya ɗaya ne, ɓurɓushi kuma ba ya shiga lissafi. Dokar nan dole a kafa ta tun yanzu, in ba haka ba mutum zai riƙa sauya ta gwargwadon adadin da yake fata.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau ranar auna cikin kwalba ce. Jikinta miƙaƙƙe ne, zagayayye, saboda haka ana iya lissafa abin da take ci da wannan ƙa'ida:

```
V = π × r² × h
```

A nan r shi ne rabin faɗin kwalbar, h tsayin waken, π kuma kusan 3.14. Da na ɗora rula daga waje, faɗin santimita 10 ne cif, tsayin daga kan tebur zuwa salatif kuma santimita 14. Lissafin ya ba da mililita 1,100, tunda santimita ɗaya a tsaye, a kwance da a faɗi shi ne mililita ɗaya.

Amma wake ba ya zama a cikin gilashi, a sararin da gilashi ya kewaye yake zama. Kaurin jikin kwalbar milimita 3 ne, kuma sau biyu ake cire shi, hagu da dama. Faɗin ciki ya zama 9.4, rabinsa 4.7, lissafin ya sauko zuwa mililita 972. Milimita uku kacal, amma sun ɗauke fiye da mililita ɗari da ashirin, saboda a ƙa'idar ana ninka r da kansa ne. Awon waje ya ɗara na ciki da kusan kashi 13 cikin 100. Duk wanda zai yi wannan aiki da rula kaɗai, to kulawarsa ta fi yawa ta tafi wajen faɗi, ba wajen tsayi ba.

Ko 972 ɗin ma bai gama daidai ba. Gindin kwalbar yana da kauri, kuma tsakiyarsa ta ɗan turo ciki. Rula ba za ta iya auna wannan ba, ruwa ne zai iya. Na sa salatif a jikin kwalbar da ba komai daidai tsayin ta farko, na ɗora ta a sikeli, na mayar da shi sifili, na zuba ruwa har layin. Ya nuna giram 930. Giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne, bambancin da zafi ko sanyi ke kawowa bai kai a damu da shi a nan ba. To kwalbar tana cin mililita 930 zuwa layin, kuma da wannan zan yi aiki.

Na kuma lura da wani adadi da zai yi amfani nan gaba: kowane milimita ɗaya na tsayi a wannan kwalba kusan mililita 7 ne.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kafin in ƙirga komai na gwada ƙaramin kofin da sirinji, in ga ko da gaske mililita 15 yake ci har baki. Haka ne. Wannan gwajin bai kamata a tsallake shi ba, domin wasu kofunan adadin da aka rubuta a jikinsu na wani layi ne da ke ƙasa da baki.

Yadda nake ɗiba iri ɗaya ne kullum: in zuba waken a kofi daga sama a hankali har ya yi tozo, in shafe bakin da gefen rula sau ɗaya, ba dannawa ba girgizawa, in juye a faranti in ƙirga. Bayan kowace ɗiba ina mayar da waken in gauraya. Ga abin da ɗiba goma suka bayar: 55, 58, 54, 57, 56, 59, 53, 56, 57, 55. Jimilla 560, matsakaici 56.

Kofi nawa ne a kwalbar? 930 a raba da 15, 62. Sai 62 sau 56, ya ba da 3,472. Wannan shi ne ƙiyasi na farko.

Da ɗiba ɗaya na yi na tsaya, kuma aka yi dace da mafi ƙanƙanta, 53, da na ce 3,286. Da mafi yawa ce, 59, da na ce 3,658. Ƙwaya ɗaya a kofi tana zama 62 a kwalba, shi ya sa ɗiba ɗaya ba ta isa. Ɗiba goma kuwa sun kwantar da wannan rawa sosai. Yawancinsu ba su yi nisa da matsakaici fiye da ƙwaya biyu ba, kuma da na lissafa rawar matsakaicin kansa, bai kai ƙwaya ɗaya a kofi ba, wato abin da ya kama ƙwaya 36 a kwalba. In an ninka shi biyu don a samu natsuwa, 3,400 zuwa 3,550 ke nan. Ƙara yawan ɗiba yana rage wannan tazara, amma a hankali: sai ka ninka ɗiba sau huɗu kafin ta ragu da rabi.

Adadin ya yi kyau a takarda. Sai dai tazarar nan amsar tambaya ɗaya ce kawai, wato yaya ɗiba ke bambanta da 'yar'uwarta. Ba ta ce komai ba game da ko zaman wake a ƙaramin kofi daidai yake da zamansa a babbar kwalba. Wannan ce tambayar da za ta ci sauran aikin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na koma kan manyan kofuna, da hanyar zubawa da shafewa iri ɗaya. Mai cin 60 ya ba da matsakaicin 235. Mai cin 250 ya ba da 1,005, kuma ƙirga shi aiki ne, don haka ban maimaita shi da yawa ba.

Hanyar kwatanta su ita ce a raba kowanne da abin da kofinsa ke ci, a ga ƙwaya nawa ce a mililita ɗaya. Ƙaramin ya ba da 3.73, na tsakiya 3.92, babban 4.02. Wake ɗaya, hannu ɗaya, amma duk sanda kofi ya ƙara girma sai cunkoson ya ƙaru. In aka kai su kwalba, ƙiyasin ya tashi daga 3,472 zuwa 3,643 zuwa 3,739. Dukansu biyun sun fita daga tazarar da na rubuta ranar Laraba. Wannan ba rawar ɗiba ba ce, domin rawa tana zuwa sama tana zuwa ƙasa, wannan kuwa gefe ɗaya ya nufa.

Dalilin yana jikin kofin. A tsakiyar tarin wake, kowace ƙwaya tana samun gurbi tsakanin maƙwabtanta, ta kutsa cikinta a ratar da suka bari. A jikin bango kuwa babu gurbin da za ta shiga. Bango sumul ne, ƙwaya mai ƙusumbi, sai ta taɓa shi a wuri ɗaya ta bar iska a kewaye. Haka ma a gindi, haka ma a baki, inda rula ke ture duk ƙwayar da rabinta ya leƙo sama ta bar rami a wurin. Saboda haka layin da ke manne da bango ya fi na tsakiya sako-sako. Wanda ya ɗaga kofi mai haske ya duba ta gefe zai ga wannan da idonsa.

Abin da ya rage shi ne yawan bangon idan aka kwatanta da cikin. Ƙaramin kofina faɗinsa bai wuce santimita 2.7 ba, waken kuma tsawonsa kusan milimita 8, wato ƙwaya uku ko huɗu ne ke jeruwa daga gefe zuwa gefe. A irin wannan kofi kusan kowace ƙwaya maƙwabciyar bango ce. A kwalbar kuwa sama da goma ne ke jeruwa, yawancinsu ba su san da bango ba.

Na auna wannan da lamba. Na lissafa faɗin fuskar kowane mazubi, gefe da gindi da baki, na raba da abin da yake ci. Ƙaramin kofi yana da kusan 2.2 na bango a kowane mililita, na tsakiya 1.4, babban 0.9, kwalbar kuma 0.6. Da na jera su kusa da cunkoson, sai ga shi duk sanda bangon ya ragu da ɗaya, cunkoson yana ƙaruwa da kusan 0.2. Daga babban kofi zuwa kwalba bangon ya ragu da 0.3, don haka sai a ƙara 0.06 a kan 4.02, a samu 4.08. Sau 930, ya ba da 3,794.

Wannan dabara ba tawa ba ce. A shekarar 1960, G. D. Scott na Jami'ar Toronto ya zuba ƙwallayen ƙarfe masu girma ɗaya a mazubai daban-daban, ya bi yadda cunkosonsu ke sauyawa da girman mazubi don ya cire tasirin bango. Abin da ya samu shi ne ƙwallaye suna cike kusan kashi 60 cikin 100 na wuri in an zuba su a hankali, kusan kashi 64 kuma in an girgiza su sun zauna. A wannan shekarar J. D. Bernal a Landan yana nazarin irin wannan tari don ya fahimci yadda ƙwayoyin ruwa ke zama. Adadi biyun nan na Scott su ne suka sa ban tsaya a kan 3,794 ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ƙanena ya ga takardun ya ce, "Yaya, me zai hana ki ƙara ɗiba da ƙaramin kofin sau ɗari? Ai kin ce yawan ɗiba yana gyara lissafi." Na ce masa yana gyara rawa ne kawai. In na ɗiba sau ɗari, matsakaicin zai tsaya daram a kusa da 56, ni kuma in ƙara yarda da 3,472, alhali kowace ɗiba daga cikin ɗarin tana ɗauke da gurbin bango iri ɗaya. Kofi ɗaya mai cin 250 ya fi ƙananan kofuna goma sha bakwai faɗin gaskiya, ko da yake yawan waken da za a ƙirga kusan ɗaya ne. Na tambaye shi yadda ya cika kwalbar. Ya ce ya zuba, ya ɗan bubbuga ta a tebur don waken ya kwanta, ya ƙara. Wannan bayani ya fi mini ɗiba ɗarin amfani.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Duk ɗibar da na yi zuwa yanzu ta sako-sako ce, kwalbar kuwa an bubbuga ta. Ba za a auna wake a tsaye a ninka shi kamar na zaune ba. Sai na gwada girman bambancin a kwalbar da ba komai, bayan ta bushe sarai. Na zuba wake a hankali har layin, sannan na riƙa bubbuga gindinta a tebur ina duba saman. Da farko ya sauka da sauri, daga baya a hankali, har ya daina. Ya tsaya milimita 7 ƙasa da layin. Milimita 7 sau mililita 7, kusan 49 ke nan. Waken da ya cika mililita 930 ya koma cikin 881, ba tare da ƙwaya ɗaya ta fita ba.

To ƙwaya 3,794 ɗin da lissafi ya ce suna cika kwalbar a sako-sako, in suka zauna a mililita 881, cunkosonsu ya zama 4.31 a mililita. Ƙarin ya haura kashi 5 cikin 100 kaɗan, wato bubbugawa kaɗai tana iya sauya amsa da ƙwaya kusan ɗari biyu.

Saura in san halin da ainihin kwalbar take ciki, kuma wannan ba ya buƙatar buɗe ta. Tunda layin yana nan, na bubbuga ta kamar yadda na yi wa ɗayar. In sako-sako ce, za ta sauka kusan milimita 7. In ta riga ta zauna, ba za ta motsa ba. Ta sauka milimita ɗaya ta tsaya. Yanzu na san waken ya gama zama, kuma yana cikin mililita 923, wato 930 ban da 7. Amfanin wannan mataki shi ne ya kai kwalbar halin da ake iya maimaitawa. "An ɗan bubbuga" ba awo ba ne, amma "an bubbuga har ya daina sauka" kowa zai iya yi ya samu abu ɗaya. A ganina duk mai wannan aiki gara ya fara da haka tun farko, ya zaunar da waken kwalba, ya kuma zaunar da na kofi kafin ya shafe baki.

Lissafin yau: 923 sau 4.31, kusan 3,975.

Na yi ɗan bincike na gefe don in ga ko adadin nan yana cikin hankali. Na zuba ƙwaya 100 a kwalbar awo mai lambobi da ruwa a ciki, na karanta nan take kafin su fara sha su kumbura. Ruwan ya tashi da mililita 15, wato kowace ƙwaya 0.15. In an ninka da cunkoson, ƙaramin kofi wake ya cika kashi 56 cikin 100 na cikinsa, kwalba a sako-sako kashi 61, a zaune kuma kusan 65. Wake ba ƙwallo ba ne, ba dole ya yi daidai da na Scott ba, amma ya faɗo a unguwarsu. Da na ga kashi 45 ko 80, da na san akwai awon da ya karkace. Waken da ya jiƙe na ware shi, bai koma cikin na gwaji ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na rubuta amsata kafin a taɓa murfi: 3,975, kuma ina sa ran gaskiyar tana tsakanin 3,850 da 4,100. Na buɗe tazarar fiye da ta farko da gangan. Babban kofin ban maimaita shi sosai ba, ƙarin 0.06 ɗin hasashe ne daga maki uku, sannan saman wake ba a iya karanta shi ƙasa da milimita ɗaya ko biyu, kowane milimita kuma kusan ƙwaya 30 ne.

Asabar, 1 ga Maris

An buɗe. Kafin ƙirga na auna nauyin waken duka, giram 710. Na ƙirga ƙwaya 500 na auna, giram 91, wato kowace ɗaya 0.182. In aka raba 710 da wannan, 3,901. Nauyi ba ruwansa da bango ko zama, shi ya sa in akwai damar ɗora abu a sikeli a cire nauyin mazubi, ya fi awon kofi sauƙi da aminci.

Sai ƙirga ta gaske, ni da ƙanena, goma-goma a faranti, kowane ɗari a kofinsa, kowa yana sake duba na ɗan'uwansa. Cikakkun ƙwayoyi 3,896, ɓari 44 waɗanda suka zama 22 bisa dokar ranar farko. Jimilla 3,918. Yawancin ɓarin a ƙasan kwalbar muka same su, sun silale ta ratar manya lokacin bubbugawa. Wanda zai ɗebi gwajinsa daga saman kwalba ya san da wannan, manyan ne suke tsayawa a sama.

Ƙiyasina na ƙarshe ya haura da 57, kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100. Na farko, na ƙaramin kofi, ya gaza da 446, sama da kashi 11, duk da cewa shi ne ya zo da 'yar siririyar tazara mai sa a yarda da shi. A cikin gazawar, bango ya ci fiye da rabi, rashin zama ya ci sauran.

Akwai lissafi ɗaya da na yi bayan ƙirga wanda ya kamata a kiyaye shi. Da a ce wani ya auna kwalbar daga waje ya samu 1,100, ya ɗiba da ƙaramin kofi ya samu 56, amsarsa za ta zama 4,107. Ya haura da ƙasa da kashi 5 cikin 100, wato ya fi mai awon ruwa da ƙaramin kofi kusa da gaskiya. Ba don hanyarsa ta fi ba. Kuskure biyu ne suka ci karo, kaurin gilashi ya tura sama, bangon kofi da rashin zama suka ja ƙasa, suka kusa kashe juna. A kwalbar roba mai siririn jiki turawar sama za ta ɓace, ya faɗi ƙasa sosai, kuma ba zai san dalili ba. Shi ya sa kusantar amsa a gwaji ɗaya ba ta isa shaida cewa hanya ta yi daidai ba, sai an duba kowane awo shi kaɗai.

Ragowar 57 ɗin daidai yake da milimita biyu na tsayi, kuma zargina ya fi karkata ga layin salatif, domin ido yana bin ƙwayoyin da suka fi tsayi a jikin gilashi. Gwajin da zan yi mako mai zuwa shi ne in mayar da waɗannan 3,918 ɗin cikin kwalbar, in zaunar da su, in ɗora zagayayyen kwali mai faɗin santimita 9 a samansu, in karanta tsayin daga ƙasan kwalin. In ya tsaya milimita biyu ƙasa da inda na karanta a baya, layin ne. In bai sauka ba, sai in koma kan babban kofi in ƙara ƙirga.